Shekara 11 A Gida Ba Laifi Ba Ne

Ina roƙon a sake ba ni fili a shafinmu na Hausa. Masu karatu za su tuna a fitowar da ta wuce na aiko da 'yar gajeruwar sanarwa cewa na koma aikin koyarwa a Agege, nan Ikko, bayan na shekara 11 ban riƙe alli ba. Tun daga sa'an nan wasiƙu suke zuwa mini daga tsofaffin ɗalibai, mata da maza, kuma kusan dukkansu tambaya ɗaya suke yi, watau da wane baki na ba masu makaranta haƙuri a kan waɗannan shekaru har suka yarda suka ɗauke ni. Amsa ita ce ban ba kowa haƙuri ba, kuma ra'ayina shi ne kada wanda ya bayar. Abin da ya wajaba a kan mai komawa aiki shi ne bayani na gaskiya da shaida wadda ake gani da ido. To, ga dalilina, ga kuma yadda ake yi.

Bari in fara shimfiɗa nawa lissafin, domin a sami abin auna magana. Na sami takardar NCE a 2008, a fannin Hausa da Nazarin Zamantakewa. Na koyar a wata makarantar furamare a ƙasar Katsina daga 2009 zuwa Yuli 2013. Aure ya kawo ni Agege, inda maigidana yake sana'a. Na yi renon 'ya'ya 3, na kuma yi jinyar surukata wadda ta sami shanyewar ɓarin jiki, har Allah ya karɓi abinsa a 2022. A Satumba 2024 na shiga aji a wata makaranta mai zaman kanta. Ke nan shekara 11 da ɗan ɗori.

Neman gafara yana da wurinsa, kuma duk Bahaushe ya san wurin. Wanda ya ci haƙƙin wani, ko ya saɓa alkawari, ko ya ɓata kayan da aka ba shi amana, shi ne ke cewa a yafe masa. Malamin da ya rubuta takardar barin aiki a kan lokaci, ya miƙa rajistar ajinsa da sakamakon jarrabawar yara, ya yi sallama da shugabansa, haƙƙin wa ya ci? Balle hedimastan da kake neman aiki a wurinsa yau, wanda bai ma san da zamanka a duniya ba sa'ad da ka tafi. Da can a ƙasar Ingila akwai hukumomin ilmi da yawa waɗanda suke sallamar malama da zarar ta yi aure, sai dokar ilmi ta 1944 ce ta hana wannan. Su waɗancan mata ƙa'ida ce ta fitar da su, mu kuwa lalurar gida ce, amma a duka biyun ba a sami mai laifi a cikin waɗanda suka fita ba.

Ban da kasancewar ba da haƙurin ba shi da tushe, yana kuma jawo hasara iri 3. Ta farko, yana mayar da mai ɗaukar aiki alƙali, kai kuma wanda ake tuhuma, alhali ciniki ya haɗa ku: shi yana da aji babu malami, kai kana da sani babu aji. Ta biyu, yana cinye fili. Takardar neman aiki shafi ɗaya ce, ganawa kuwa da ƙyar take wuce minti 20, duk layin da ka ɓatar wajen cewa a yi maka uzuri, layi ne da za ka faɗi abin da ka iya. Ta uku, ita ce mafi zafi, yana karya maka farashi. Wanda ya shigo yana cewa a taimaka a rufa masa asiri, ya riga ya sanar da cewa ko nawa aka ba shi zai karɓa ya yi godiya.

Idan aka duba da kyau, hedimasta ko mai makaranta in ya ga giɓi a takardar mutum, abu 3 ne ke yi masa yawo a zuciya. Yana so ya san ina ka shiga, domin kada ya zama korarka aka yi saboda wani abin kunya. Yana so ya san ko abin da ya fitar da kai ya ƙare, domin kada ka bar masa yara a tsakiyar zango. Yana kuma so ya san ko saninka ya yi tsatsa. Tambayoyi ne na hankali, kuma yana da iko ya yi su, gama 'ya'yan mutane zai damƙa maka. Amma a lura, babu ko ɗaya a cikinsu da kalmar "a yi haƙuri" take amsawa. Sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta farko ana amsa ta da jimla ɗaya mai ɗauke da shekaru. A jerin ayyukan da mutum ya yi, sai ya ba giɓin layinsa kamar kowane aiki, ya rubuta farkonsa da ƙarshensa da dalilinsa a taƙaice. A nan Ikko da Turanci ake rubuta irin wannan takarda, amma ga ma'anar abin da na sa a tawa:

"Daga Yuli 2013 zuwa Agusta 2024 na bar aiki da kaina domin renon yara da jinyar wata dattijuwa a gidanmu. Wannan hidima ta ƙare, a shirye nake in yi cikakken aiki daga farkon zangon Satumba."

Shi ke nan. Ban faɗi irin ciwon ba, ban faɗi abin da ya gudana tsakanina da dangi ba, gama wannan sirrin gida ne, ba shi da hurumi a ofis. Namijin da ciwo ya kwantar da shi shekara 4, ko wanda ya tafi kasuwancin goro ko na shanu abin bai karɓe shi ba, shi ma haka zai yi: shekara kaza zuwa shekara kaza na yi jinya, na warke, ga takardar likita; ko kuwa na yi fatauci, na rufe shi.

Akwai hanyoyi 2 da mutane suke bi su kauce wa wannan jimla, kuma duka biyun ramuka ne. Waɗansu sukan share shekarun daga takardarsu gaba ɗaya, ko su ja ƙarshen tsohon aikinsu ya matso kusa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Satifiket yana ɗauke da shekararsa, takardar shaidar tsohon shugabanka tana ɗauke da kwanan wata, wanda kuma yake da asusun fansho irin wanda dokar 2004 ta kawo, bayanin asusun zai nuna watan da kuɗi suka daina shiga. Mai makaranta zai iya ɗaukar wanda ya yi shekara 11 a gida, amma da wuya ya riƙe wanda ya kama da ƙarya tun ran farko. Waɗansu kuwa sukan kumbura zaman gidan, su rubuta cewa sun yi shugabancin ma'aikatar iyali, ko sun ƙware a sarrafa dukiya saboda suna yin cefane. Wannan ma ba da haƙuri ne ya sake riga, gama mai yin haka yana jin gaskiyar ba ta isa ba sai an yi mata ado. Abin da ya kamata a rubuta daga shekarun gida shi ne wanda ya shafi aikin kai tsaye, kuma ake iya gwadawa nan take. Ni abu 2 na rubuta. Na koyi Yarbanci a kasuwa da wurin maƙwabta har ina iya zance da iyayen yara, kuma wannan yana da daraja a jihar da ta yi doka a 2018 cewa a koyar da Yarbanci a makarantunta. Na kuma yi shekara 3 ina koya wa matan aure 14 karatu da rubutun boko a zauren gidanmu, ran Asabar da Lahadi. Duka biyun, in mutum ya yi shakka, sai ya jarraba ni a minti 5.

Tambaya ta biyu, watau ko dalilin ya ƙare, ba a amsa ta da rantsuwa. Kowa yana iya cewa wallahi ba zan yi fashi ba. Abin da ke kwantar da hankalin mai makaranta shi ne ya ga an riga an yi shiri. Da aka tambaye ni wa zai kula da yarana, sai na ce autana ya shiga aji 1, su duka 3 makaranta ɗaya suke zuwa, ƙanwar maigidana ce take ɗauko su, kuma daga gidanmu zuwa nan tafiyar minti 15 ce a ƙasa. Wanda ya san Ikko ya san nauyin wannan magana ta ƙarshe, gama cunkoson motoci kaɗai ya isa ya mayar da malamin kirki mai makara kullum. Saboda haka shawarata ga mai komawa ita ce ya fara nema a inda ƙafarsa za ta kai shi, ko da albashin bai kai na nesa ba, har ya zauna da gindinsa. In kuwa dalilin bai ƙare duka ba, misali har yanzu akwai mara lafiya da ake kaiwa asibiti ran Laraba, to, a faɗa tun farko, a nemi a tsara jadawali a kan haka. Wannan sharaɗi ne na ciniki, kowane ma'aikaci yana da irin nasa.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi, kuma a nan ne nake so mu gaya wa kanmu gaskiya. Ƙin ba da haƙuri ba ya nufin mutum ya ce babu abin da ya wuce shi. Abubuwa da yawa sun wuce shi, kuma aikinsa ne ya san su da sunansu kafin a tambaye shi. Ku duba fannina kaɗai. Sa'ad da na bar aji a 2013, Nazarin Zamantakewa darasi ne mai zaman kansa a manhajar ilmin tushe ta shekara 9 wadda aka fara aiki da ita a 2008. A Satumba 2014 aka fara aiki da manhajar da aka yi wa gyara, aka rage yawan darussa, aka cusa fannina a ƙarƙashin inuwa ɗaya tare da ilmin zama ɗan ƙasa, da ilmin tsaro, da darussan addini. Jama'a suka yi ta ƙorafi, har a 2017 aka ba da umurni a ware darussan addinin Musulunci da na Kirista su koma su tsaya da kansu. Ke nan malamar da ta fita a 2013 ta komo a 2024 da tsohon littafinta na shirin darasi, za ta shiga aji da kayan da aka sake wa tsari har sau 2 a bayanta. Ban ma daɗe da komowa ba, a 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da wata sabuwar manhajar. Wannan kuwa ya nuna cewa sabunta sani ba hukunci ba ne da aka yanke wa masu giɓi su kaɗai, gama ranar da aka yi sanarwar, ni da wanda bai taɓa fashin kwana ɗaya ba tare muka zama 'yan koyo.

Abu na biyu da ya sake shi ne rajista. Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, watau TRCN, tun 1993 aka kafa ta, amma daga 2017 ta fara yi wa masu neman rajista jarrabawa, kuma a kan kwamfuta ake yin ta. Ni na yi rajista tun ina Katsina, sai dai lasin yana da wa'adi, nawa kuwa ya daɗe da ƙarewa, saboda haka sabuntawa na yi. Wanda bai taɓa yi ba, sai ya shirya wa jarrabawar, ya kuma lura cewa ba kullum ake yin ta ba, tana da lokutanta a shekara. Abu na uku shi ne na'ura. A 2019 Gwamnatin Jihar Legas ta ƙaddamar da shirin EKOEXCEL, aka raba wa malaman furamare na gwamnati ƙananan allunan kwamfuta masu ɗauke da darasi da rajistar yara. Makarantu masu zaman kansu da yawa kuma, musamman tun rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda annobar korona, da waya suke aika wa iyaye saƙo, a kwamfuta suke shigar da maki. Malamin da bai iya buga tambayoyin jarrabawa da hannunsa ba, zai zama kaya a wuyan abokan aikinsa.

Wata 6 na ɗiba domin wannan gyara, daga Maris zuwa Agusta 2024. A wata 2 na farko na aro manhaja da littattafan aji 4 zuwa aji 6 daga wata maƙwabciyata malama, na ajiye su gefe da gefe da tsofaffin nawa, ina sa alama a kan duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita. A cikin wannan lokaci kuma na bi sawun lasina. A wata 2 na tsakiya na shiga wani ɗan shagon koyon kwamfuta a unguwarmu, sa'a 1 kullum, har na iya buga shafi guda na tambayoyi da jera makin yara 40 a tebur. A wata 2 na ƙarshe na roƙi wata makarantar Islamiyya mai sashen boko ta bar ni in riƙa koyarwa kwana 2 a mako ba da biya ba, da sharaɗin shugabanta zai ba ni takardar shaida in na gama. Wannan takarda ta fi duk sauran amfani, domin ita kaɗai ce take cewa wani ya gan ni a gaban allo a wannan shekara.

Ga mai son ya auna tsatsarsa, alamunta a fili suke, kuma ba a cikin kai suka fi yawa ba, a jiki suke. Ka shirya darasin minti 35 ka ga ya ƙare a minti 20, ko ƙararrawa ta buga kana tsakiya. Muryarka ta dushe kafin tashi. Rubutunka a allo ya riƙa gangarowa ƙasa ta hannun dama. Ka juya baya kana rubutu, aji ya kaure da surutu. Duk waɗannan suna gyaruwa da maimaici cikin 'yan makonni, amma gara su gyaru a ajin sa kai da su bayyana ran gwaji. Abin da ba ya tsatsa kuwa shi ne sanin yaro: gane wanda bai karya kumallo ba, da wanda ba ya hangen allo, da wanda ya haddace bai fahimta ba. Wannan sani, wadda ta yi reno da jinya ba ta komo da ƙasa da abin da ta tafi da shi ba.

Ran ganawa, mai makarantar, wani dattijo ne Alhaji, ya duba takardata ya ce, "Malama, shekara 11 fa ba kwana 11 ba ne." Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ga abin da ya sake a cikinsu, ga abin da na yi a kan kowanne. In an yarda a ba ni aji da minti 35, sai a gani." Ina jan hankalin masu karatu ga wannan roƙo na ƙarshe. Mai giɓi shi ya kamata ya nemi darasin gwaji da bakinsa, kada ya jira a ɗora masa, gama a takarda ne kaɗai wanda bai yi fashi ba ya fi shi, a gaban allo kuwa gani ya kori ji. Aka ba ni aji 4. Na ɗauki darasin shugabanni a unguwarmu. Na yi minti 5 ina tambayar yara wa ke raba gardama a gidansu da layinsu. Na yi minti 15 muna hawa daga maigida zuwa mai unguwa, zuwa Sarkin Hausawan Agege da Olu na Agege, zuwa shugaban ƙaramar hukuma, ina zana tsani a allo. Na ba su minti 10 su rubuta aikin mutum 3 daga cikin tsanin, ina zagayawa ina dubawa, sauran minti 5 muka yi bita. Wata yarinya sabuwar zuwa daga Arewa ta kasa bin Turancin, na sunkuya na faɗa mata da Hausa, ta rubuta. Alhaji yana zaune a baya, bai ce kome ba, aka ce in tafi za a neme ni.

To, a nan ne mutane da yawa suke sakin igiya. Mako ya wuce ba labari, sai mai giɓi ya ce a ransa ai dama na sani, shekarun nan ne suka kashe ni, ya yi shiru. Ko kuwa ya rubuta takarda mai cike da magiya, yana sake tono giɓin da an riga an wuce shi. Sau da yawa shirun ba shi da wata ma'ana sai yawan aiki, ko jiran a ga yawan yaran da za su yi rajista. Abin da ya dace shi ne takardar bin sawu, gajeruwa, bayan kwanakin aiki 7, sai fa in an yanka maka rana, sa'an nan ka jira ranar ta wuce da kwana 1 ko 2. Ga ma'anar tawa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ina godiya da damar da aka ba ni na koyar da aji 4 ran Talatar makon jiya. Na lura akwai yara 6 a ajin waɗanda Hausa ce kaɗai ta zauna a bakinsu, na haɗo da shirin darasi na mako 2 wanda zai taimake su su kamo sauran. Kwafin lasina da aka tambaya yana haɗe. Ina nan a shirye daga ranar da za a buɗe makaranta, zan kuma so in san matsayin da ake ciki kafin ƙarshen wata."

A duba abin da ke cikinta: godiya sau ɗaya, abu sabo guda wanda zai amfani makarantar, takardar da aka nema, da lokacin da ake son amsa. Shekara 11 ba su fito ba ko sau ɗaya, domin an riga an amsa su, kuma abin da ka yi ta maimaitawa shi kake koya wa mutum ya riƙa tunawa. Da hannu na kai ta ofis, na ba akawu, na kuma aika da saƙon waya cewa na kawo. In an sake yin mako ba amsa, a bi sawu sau ɗaya tak, daga nan a nemi wani wuri. Ni bayan kwana 3 aka kira ni.

Saura maganar albashi, inda rashin ba da haƙuri yake zama kuɗi a hannu. Za a tambaye ka nawa kake karɓa a tsohon aikinka, kuma in ka faɗi lambar kurum, ka cuci kanka. Albashina na ƙarshe a 2013 naira 27,000 ne. A lokacin mafi ƙanƙancin albashi na ƙasa naira 18,000 ne, watau ina karɓar ninkinsa ɗaya da rabi. A Yuli 2024 aka mayar da shi naira 70,000, ninki ɗaya da rabi ke nan ya zama naira 105,000. Haka na faɗa, da lissafinsa. Amma a san iyakar wannan hujja: dokar mafi ƙanƙancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan makarantun unguwa kuwa da yawa a nan suka faɗo, kuma abin da iyaye suke iya biya shi ne rufin da ba a wucewa. Aka taya ni 60,000, muka daidaita a kan 75,000, da sharaɗi a rubuce cewa za a sake dubawa bayan zango ɗaya. Ban sami abin da lissafi ya ba ni ba, kuma abokan karatuna da ba su fita ba sun yi mini nisa a muƙami da fansho. Wannan shi ne kuɗin giɓin, na kuwa biya shi. Abin da na ƙi shi ne in biya sau 2, sau ɗaya da aljihu, sau ɗaya da mutunci.

Na san akwai masu cewa wannan hali bai dace da tarbiyyarmu ba, mu mutane ne masu kunya da ƙanƙan da kai, musamman mace a gaban dattijo. Ina tare da su a kan ladabi. Na gaida Alhaji kamar yadda zan gaida mahaifina, ban katse shi ba, ban ɗaga murya ba. Amma ladabi daban, amsa laifin da ba ka yi ba daban. Mu da muke cewa aljanna tana ƙarƙashin ƙafar uwa, muke yabon wanda ya yi jinyar iyayensa, yaya za a yi ranar neman aiki mu mayar da wannan hidima abin sunkuyar da kai? Akwai kuma masu cewa ga samari sababbin fita suna yawo da takardu, don me za a ba wadda ta tafi ta dawo. Amsa ita ce ban nemi a fifita ni ba. A ba kowa aji da minti 35, wanda ya fi a ɗauke shi. In saurayin ya fi ni, yara sun ci riba, ni kuma in je in ƙara shiri.

Ku ɗaliban da ke cikin kwaleji yanzu, waɗansunku lalle za su bar aiki wata rana, don aure, ko ciwo, ko hidimar iyaye, ko ƙaura. Ku shirya wa komowa tun ranar fita. Ku rubuta takardar barin aiki ku riƙe kwafi mai hatimi. Ku karɓi takardar shaida daga shugabanku a makon, gama bayan shekara 10 mai yiwuwa an sake masa wuri ko ya rasu. Ku haɗa satifiket, da takardar ɗaukar aiki, da ta albashin ƙarshe, da lambar rajistarku da ta fansho a jaka ɗaya wadda ruwa ba ya shiga. Ku riƙe zumunci da malami ko ɗaya wanda yake cikin aiki, ku riƙa aron manhaja kuna dubawa shekara shekara.

Ga hukumar kwaleji kuma ina da roƙo guda. A buɗe ɗan gajeren kwas na mako 6 a lokacin dogon hutu domin tsofaffin ɗalibai masu son komowa: mako 2 a kan manhajar da ake aiki da ita, mako 2 a ɗakin kwamfuta, mako 2 na koyarwa a gaban malami mai dubawa, a ƙarshe a ba da takarda mai kwanan wata. Abin da na yi wata 6 ina harhaɗawa a lungunan Agege, kwaleji tana da shi duka a cikin shingenta. A Zangon Agege kaɗai na san mata masu NCE da suke zaune, ga kuma yaran Hausawa cike da azuzuwa suna bukatar malamin da ya san harshensu. Ina fata Shugaban Kwaleji zai sa wannan magana a gaban majalisar malamai a zamanta na gaba.

Haza wasalam.

Taku,
Wata tsohuwar ɗaliba, Agege, Ikko.